Me ya sa ake raba wa n − 1 alhali buhu biyar na auna?

Hadiza Umar: Assalamu alaikum. Malamai don Allah ku taimaka mini, abin nan ya tsaya mini a rai tun jiya. A furojet ɗina ina duba ko wani ƙaramin injin casar shinkafa a garinmu yana cika buhunansa daidai, don da hannu suke ɗurawa. Na auna buhu 5 a sito, na samu kilo 48, 50, 51, 52 da 54. Matsakaicinsu 51. Na cire 51 daga kowanne, na samu −3, −1, 0, 1, 3. Na ninka kowanne da kansa, 9, 1, 0, 1, 9, jimla 20. Na raba wa 5 na samu 4, na ɗauki sikwaya rut, sitanda dibiyeshan ya zama 2 cif. Sai sufabaiza ɗina ya zagaye wurin da jan biro ya rubuta "raba wa 4". Idan na raba wa 4 amsar tana komawa 2.24. Na gyara tunda shi ya ce, amma ban fahimta ba. Buhu biyar na ɗora a kan sikeli da hannuna, ina ɗayan ya tafi?

Auwal Ɗan Gaya: Wa alaikumus salam. Ai dama ana cire guda ɗaya ne saboda a cikin awo ba a rasa wanda aka yi kuskure. Ki duba wanda ya fi nisa da sauran, kamar 54 ɗin nan, ki ajiye shi gefe, sai ki yi aiki da huɗun da suka rage.

Malam Lawal Funtuwa: A'a Auwal, ba a zubar da komai. Duk biyar ɗin suna cikin lissafi, abin da ake raba wa ne kawai ya canza. Amma ni ma ina da magana a nan. Shekara 14 ina koyar da lissafi a sakandare, kuma a takardun WAEC jimlar adadin ake raba wa, babu wani cire ɗaya. Yarinyar nan abin da muka koya musu ta yi. Sai su shiga jami'a a ce ba haka ba. Na daɗe ina son wanda zai gaya mini ko mu ne muke koyar da kuskure.

Injiniya Bashir: Malam Lawal ba kuskure kuke koyarwa ba. Ƙa'idar ita ce idan samfur bai kai 30 ba a raba wa n − 1, idan ya kai 30 ko ya wuce a raba wa n, wato yawan abin da aka auna. Na Hadiza 5 ne, shi ya sa.

Dakta Sani Maikano: Injiniya, rabin maganarka gaskiya ne. Idan samfur ya yi yawa bambancin amsoshin biyu yana ƙanƙancewa. A kan 5, wanda aka raba wa n − 1 ya ɗara ɗayan da kusan kashi 12 cikin 100. A kan 30 bai kai kashi 2 ba, a kan 100 rabin kashi ɗaya ne. Amma babu wata iyaka da aka shata a kan 30 inda dalilin yake ɓacewa. Talatin ɗin nan daga wata magana ya shigo, ta lokacin da ake barin teburin t a koma na z.

Hadiza, bari in fara da tambaya. Sito ɗin buhu nawa ne a ciki? Kuma buhunan nan biyar ne damuwarki, ko yadda injin ke ɗura buhunansa gaba ɗaya?

Hadiza Umar: Allah ya gafarta Malam, sun kai 600. Kuma aikin injin gaba ɗaya nake son in yi magana a kai, biyar ɗin su aka bar ni in sauke.

Dakta Sani Maikano: To nan zancen yake. Abin da kike nema shi ne yadda nauyin buhuna 600 ya warwatsu daga matsakaicinsu na gaskiya. Wannan matsakaicin ba ki san shi ba, sai ki ka ari 51 ki ka sa a madadinsa. Shi kuwa 51 daga jikin buhunan nan biyar ya fito. Su suka haife shi, don haka dole ya zauna a tsakiyarsu, ya fi kusa da su fiye da duk wata lamba da za ki kawo daga waje.

Gwada da kanki. Ajiye 51, auna nisan buhunan daga 50. Za ki samu −2, 0, 1, 2, 4, idan kin ninka kowanne da kansa 4, 0, 1, 4, 16, jimla 25. Gwada daga 52, shi ma 25 zai ba ki. Gwada daga 49, zai ba ki 40. Duk lambar da ki ka ɗauko, jimlar sai ta haura 20. Ashirin ɗin nan ita ce mafi ƙanƙantar jimlar da buhunan nan za su iya bayarwa, kuma 51 kaɗai ke ba da ita.

Yanzu matsakaicin sito na gaskiya zai iya zama 50, ko 50.4, ko 52. Da wuya ya faɗo a kan 51 daidai wa daida. Ke nan jimlar da ya kamata ki samu da kin san shi ta fi 20. Idan ki ka raba 20 wa 5, kin ɗauki jimlar da aka riga aka rage mata tsawo kin yi kamar cikakkiya ce. Raba wa 4 shi ke mayar da abin da aka rage.

Hadiza Umar: Na gwada, haka ne wallahi, 25 da 25 da 40. Na yarda 20 ta yi kaɗan. Amma me ya sa ɗaya ake cirewa? Me zai hana biyu, ko rabi? Kamar an zaɓi ɗaya ne kawai don ya fi sauƙi.

Malam Lawal Funtuwa: Wannan ita ce tambayar. Ni ma a nan nake tsayawa kullum.

Dakta Sani Maikano: Ba zaɓe aka yi ba, lissafi ne ya fitar da shi. Ku lura da abin da ya ƙaru ɗazu. Daga 20 zuwa 25 an samu ƙarin 5, wato buhu 5 sau tazarar 51 da 50 an ninka ta da kanta, 5 × 1. Daga 20 zuwa 40 ƙarin 20 ne, wato 5 × 4, tunda tazarar 51 da 49 biyu ce. A kullum haka yake:

```
Σ(x − μ)² = Σ(x − x̄)² + n(x̄ − μ)²
```

μ shi ne matsakaicin sito, x̄ na samfur. Guntun ƙarshen nan shi ne abin da ki ka rasa. A samfur guda ba mu san girmansa ba, amma mun san yadda yake a kan matsakaici idan aka yi ta maimaita ɗibar samfur. Matsakaicin buhu n yana yawo a gefen μ, kuma bariyans ɗin yawon nasa σ²/n ne, inda σ² yake bariyans na sito, wato abin da ake samu kafin a ɗauki sikwaya rut a fitar da sitanda dibiyeshan. Idan aka ninka da n ɗin da ke gabansa, n ya cinye n, sai σ² guda ɗaya ya rage. Ɓangaren hagu kuwa σ² guda n ne. Guda n a cire guda ɗaya, saura n − 1. Ga inda ɗayan ya fito. Ko buhu 5 ki ka auna ko 500, bariyans guda ɗaya tak ake rasawa.

Amma na fi son ku gani da ido. Mu ƙaddara duk duniyar lambobi uku ce, 2, 4 da 6, an rubuta su a ƙwallaye uku cikin ƙwarya. Matsakaicinsu 4. Nisansu −2, 0, 2, jimlar ninki 8, a raba wa 3, bariyans na gaskiya 2.67. A nan 3 muka raba wa don mun ga kowa.

Sai a rufe ƙwaryar, a zaro ƙwallo ɗaya a rubuta, a mayar, a sake zarowa. Hanyoyi 9 ne abin zai iya faɗuwa. Sau uku lamba ɗaya za ta fito sau biyu, 2 da 2, 4 da 4, 6 da 6, jimlar ninkinsu sifili. Sau huɗu maƙwabta za su fito, 2 da 4, 4 da 2, 4 da 6, 6 da 4. Ɗauki 2 da 4, matsakaicinsu 3, nisa −1 da 1, jimla 2, sauran ukun ma haka. Sau biyu 2 da 6 za su haɗu, matsakaici 4, nisa −2 da 2, jimla 8. A tara duka, sifili da 8 da 16, ya zama 24. A raba wa samfura 9, matsakaicin jimlar 2.67.

Idan kowane samfur an raba shi wa n, wato 2, za a tashi da 1.33, rabin gaskiya. Idan an raba wa n − 1, wato 1, za a tashi da 2.67, babu ƙari babu ragi. Malam Lawal, wannan za ka iya yi da ɗalibanka da murafun kwalba uku a cikin minti 20.

Malam Lawal Funtuwa: Na bi shi da biro, ya fita. Allah ya saka da alheri Dakta. Amma na gwada wani abu. Idan ba a mayar da ƙwallon ba, samfura 6 ne, waɗanda suka ba da sifili sun fita. Jimla tana nan 24, a raba wa 6 ya zama 4. Huɗu kuma ta wuce 2.67 nesa ba kusa ba. Ita Hadiza ba ta mayar da buhu cikin sito ta sake zaɓa ba. Ashe n − 1 ya zarce ke nan a wurinta?

Dakta Sani Maikano: Madalla da wannan, Malam, idonka ya kai inda littattafai da yawa suke tsallakewa. Haka ne, idan ba a mayarwa, amsar tana ɗara σ² da N/(N − 1), inda N yake yawan duka. A ƙwaryarmu N uku ne, 3/2 sau 2.67 shi ne 4 ɗin da ka samu. Ya yi girma ne don ƙwallayen uku ne kacal. A siton Hadiza 600/599 ne, bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba. Sikelinta ma ba zai ji shi ba.

Game da WAEC kuma, ba kuskure kuke koyarwa ba. Tambayar jarrabawa tana ba yaro tebur ta ce ya nemo warwatsuwar lambobin da ke cikin teburin, ba ta ce ya yi hasashen wasu da bai gani ba. A wannan tambayar n ne daidai. Abin da ya rage kawai a gaya wa yaran cewa akwai wata tambayar daban da za su tarar a gaba.

Auwal Ɗan Gaya: To na gane ba zubarwa ake yi ba, ku yi haƙuri. Amma a buhun an rubuta kilo 50. Tunda an san matsakaicin gaskiya 50 ne, ta yi amfani da shi mana ta raba wa 5. Ga shi 25 a raba wa 5 ya ba da 5, daidai da 20 a raba wa 4. Hanya biyu, amsa ɗaya.

Hadiza Umar: Yaya Auwal, ai abin da nake bincike ke nan, ko da gaske 50 ɗin suke zubawa. Idan na ɗauka 50 ne tun farko, na amsa tambayar kafin in yi ta.

Dakta Sani Maikano: Ta ba ka amsa, Auwal. Rubutun jikin buhu niyya ce, ba awo ba. Amma akwai gaskiya a maganarka: da an san μ tabbas, to n ake raba wa, don ba a ari komai daga samfur ba. Haɗuwar 5 da 5 kuwa dace ne na waɗannan lambobin. Da matsakaicin sito 49 ne, 40 a raba wa 5 zai ba da 8. n − 1 bai yi alkawarin daidaita kowane samfur ba. Wani lokaci ya zarce, wani lokaci ya gaza, abin da ya hana shi ne karkata gefe guda a kullum.

Injiniya Bashir: Na janye maganar 30, a wurin wani malami na ji ta tun muna aji biyu. Ni yadda na fi riƙe abin shi ne ta 'yancin lambobi. Nisan nan biyar na Hadiza dole jimlarsu ta zama sifili. Idan ta gaya mini −3, −1, 0, 1, ba sai ta faɗi na biyar ba, na san 3 ne. Huɗu ne ke ɗauke da labari, na biyar maimaici ne. Shi ne `df` da ake gani a sakamakon manhaja. Kuma ku duba idan buhu ɗaya ta auna. Raba wa n zai ce warwatsuwa sifili ce, wai duk buhunan sito nauyinsu ɗaya. Raba wa n − 1 zai ba da sifili bisa sifili, wato babu amsa, kuma ita ce gaskiya, buhu ɗaya ba ya nuna bambanci.

Abin ya taɓa cin mini kwana biyu a wurin aiki. Mun fasa kiyub uku na kankare don gwajin ƙarfi, abokin aikina ya yi lissafi a Excel, ni na yi a Python, amsata ta gaza tasa da kusan kashi 18 cikin 100. Muka yi ta bin lambobin ɗaya bayan ɗaya muna neman wanda ya shigar da kuskure, ashe babu. Da lambobin Hadiza abin haka yake:

```
import numpy as np
x = [48, 50, 51, 52, 54]
np.std(x)          # 2.0
np.std(x, ddof=1)  # 2.236
```

NumPy n yake raba wa idan ba ka ce masa komai ba. pandas da `sd()` na R kuma n − 1 suke yi. A Excel `STDEV.S` na samfur ne, `STDEV.P` na duka. A kalkuletar Casio `sx` da `σx` ne, tsofaffin kuma `xσn−1` da `xσn`. Idan amsarka da ta wani sun saɓa, raba babbar da ƙaramar ka ninka abin da ya fito da kansa. Idan ya ba ka n/(n − 1), a nan 1.25, to ka gano matsalar.

Malama Binta: Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni tawa daban ce. Ina da ɗalibai 42 a ajina, duka sun rubuta jarrabawa, babu wanda ya yi fashi. Hedimasta yana son matsakaici da sitanda dibiyeshan a rahoton zango. Wanne zan danna?

Malam Lawal Funtuwa: `STDEV.P` Malama. Ajin gaba ɗaya yana hannunki, ba samfur ba ne.

Injiniya Bashir: Ni da `STDEV.S` zan yi. Rahoton nan ai za a kwatanta shi da na bara da na baɗi, a ce ko koyarwa ta inganta. Da zarar an fara haka, yaran bana sun zama samfur na irin yaran da ke shigowa makarantar.

Malam Lawal Funtuwa: Wace ƙwarya aka zaro su daga ciki, Injiniya? Ba ƙuri'a aka jefa aka kawo su ba. Yaran unguwa ne da iyayensu suka kawo. Ba na jin za a kira su samfur don kawai akwai na baɗi.

Dakta Sani Maikano: Masana ma sun rabu a kan irin wannan, kuma kowannenku yana da madafa. Idan rahoton bayanin ajin bana ne kawai, ina tare da Malam Lawal. A kan 42 bambancin bai wuce kashi 1.2 cikin 100 ba, Malama, ki zaɓi ɗaya ki rubuta a ƙasan tebur wanda ki ka yi amfani da shi, kuma ki tsaya a kansa kowane zango.

Akwai abu guda da ban so Hadiza ta tafi ba ta ji ba, don kar ta rubuta a furojet cewa n − 1 ya gyara sitanda dibiyeshan tsaf. Bariyans ya gyara. Da zarar an ɗauki sikwaya rut, karkatar tana ɗan dawowa. Ku koma ƙwaryarmu. Bariyans ɗin samfura tara su ne sifili sau uku, 2 sau huɗu, 8 sau biyu. Rut ɗinsu sifili, 1.41 da 2.83. A tara, 11.31, a raba wa 9, ya ba da 1.26. Na gaskiya kuwa rut ɗin 2.67 ne, wato 1.63. Har yanzu ya gaza. Dalili shi ne rut yana danne manyan lambobi fiye da yadda yake danne ƙanana. Idan nauyin yana bin rabon nan mai siffar ƙararrawa, a kan samfur 5 `s`, wato sitanda dibiyeshan na samfur, yana kai kusan kashi 94 cikin 100 na σ a matsakaici, a kan 10 kusan 97. Masu kula da ingancin kaya a masana'antu suna da teburin `c4` don gyara wannan.

Hadiza Umar: To Malam, idan bai gyara shi duka ba, me ya sa kowa ya tsaya a kansa?

Dakta Sani Maikano: Saboda yawancin abin da ake ginawa a kai da bariyans ake ginawa. Ana kiran gyaran da sunan Friedrich Bessel, Bajamushe masanin taurari da ya rasu a 1846, mutumin da aikinsa shi ne maimaita awo ɗaya sau da yawa da kimanta girman kuskure. Gwajin t da za ki yi don ki ga ko 51 ɗinki ya bambanta da 50 ya samo asali daga takardar William Gosset ta 1908, kuma teburin da muke amfani da shi yau an tsara shi ne a kan `s` mai n − 1. Lissafinki zai zama 2.236 a raba wa rut ɗin 5, wanda shi ma 2.236 ne, kuskuren matsakaici ya zama kilo 1. Tazarar 51 da 50 ita ma 1 ce, t ya zama 1. A layin `df` 4, sai t ya haura 2.776 kafin a ce akwai bambanci a matakin kashi 5 cikin 100. Naki bai je ko kusa ba. Da buhu biyar ba za ki iya cewa suna cikawa fiye da kima ba, kuma ba za ki iya wanke su ba.

Ba shi kaɗai ne mai hujja ba. Idan burin mutum ya rage girman kuskuren kimanta bariyans gaba ɗaya, ba kawar da karkata ba, a rabon ƙararrawa n + 1 ya fi. Idan kuma layi aka zana ta cikin ɗigogi, abu biyu aka ara daga samfur, tsayin farawa da gangara, sai a raba wa n − 2.

Injiniya Bashir: n + 1? Dakta wannan ban taɓa ji ba, kuma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Muna cewa n ya yi kaɗan a amsa, sai kuma a ƙara rage ta? Zan kwaikwaya a kwamfuta da samfura dubu goma in gani da idona kafin in yarda.

Dakta Sani Maikano: Gwada, ka auna matsakaicin ninkin kuskure, ba matsakaicin amsar ba, ka kawo mana abin da ka samu. Hadiza, wata tambaya. Buhunan biyar daga ina ki ka ɗebo su a cikin siton?

Hadiza Umar: Daga layin gaba, na saman, su ne masu sauƙin saukewa. Mai gadin ya ce duk ɗurin ranar Talata ne, yaro ɗaya ya ɗura su.

Dakta Sani Maikano: To wannan ya fi 4 da 5 nauyi a aikinki. Duk lissafin da muka yi ya ginu ne a kan cewa kowane buhu a sito yana da damar fitowa, kuma fitowar wani ba ta jawo wani. Buhunan yaro ɗaya a rana ɗaya za su yi kama da juna fiye da yadda sito yake, don haka 2.24 ɗin ma mai yiwuwa ya gaza, kuma babu abin rabawar da zai gyara wannan. Ki koma ki roƙe su ki auna daga layuka daban-daban da ranakun ɗuri daban-daban, ko da buhu 20 ne.

Hadiza Umar: Zan je ranar Asabar in sha Allahu, ranar ake lodin mota, buhunan ciki duk suna fitowa waje. Zan riƙa tsayar da kowane buhu na goma a bakin ƙofa in ɗora a sikeli. Malam Lawal, in na samu sababbin lambobin zan turo ka duba mini lissafin kafin in kai wa sufabaiza.

Malam Lawal Funtuwa: Turo, 'yata. Ki rubuta ranar ɗurin kowane buhu a gefensa idan sun sani.